Wata Ukun da Alhaji Ya Ɗibar wa Shafin Shagonsa

Shekarar da na dawo Gaya daga ci-rani, na dawo ne da niyyar ba zan sake komawa kudu ba. Shekara uku na yi ina acaɓa a garin da ko gaisuwar mutanensa ban iya da kyau ba, sai da sallah nake leƙo gida. Ɗana na fari an haife shi ba na nan, an yi suna ba na nan, sai hotonsa aka turo mini. Da na dawo, matata tana da cikin na biyu, wata huɗu. Na ce mata wannan karon ina gida. Ita dai ta san aljihuna.

Gonar gadonmu ba ta kai ta riƙe gida biyu ba, yayana ne ke noma ta. Dole in sami aiki a cikin gari, ko in koma inda na fito.

Alhaji abokin marigayi babana ne. Yana da shagon iri da taki da maganin feshi a bakin kasuwa, kuma tun ina firamare yake wannan sana'a. Mutum ne mai magana ɗaya, wanda ba ya son a yi masa dogon Turanci. Tallarsa kuwa iri ɗaya ce tun da na san shi. Ranar kasuwa zai ɗauki mai shela ya ɗaura lasifika a babur, ya zaga gari yana cewa sabon kaya ya sauka a shagon Alhaji. Kafin la'asar Alhaji ya ga mutane a ƙofar shago, ya san shelar ta yi aiki. Da wannan ma'aunin yake auna kowace irin talla a duniya.

A kudu na ɗan koyi harkar soshiyal midiya a wurin wani mai shagon kayan gyaran babur da nake taya ɗaukar bidiyo idan na tashi aiki. Sai na je na durƙusa na gaida Alhaji, na ce ya bari in buɗe wa shagonsa shafi, in riƙa sa bidiyo da hotuna, manoman Gaya da Ajingi su riƙa gani a wayoyinsu.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ɗan nan, yaushe zan ga amfaninsa?"

Na ce, "Wata ɗaya, Baba."

Na san ba haka ba ne tun kafin maganar ta gama fita daga bakina. Shafin mai kayan babur ɗin nan sai da ya haura wata shida kafin wani ya shigo ya ce a waya ya gan su. Amma ina son aikin, kuma na ji tsoron idan na ce wata shida zai ce in gaida gida.

Alhaji ya ce, "Kai ka ce ɗaya, ni na ba ka uku. Zan saya maka waya ta shago, in ba ka abin data da ɗan albashi. Ranar da wata uku ya cika, in ban ga ciniki ya motsa ba, ka ajiye mini wayata, babu faɗa."

Mun fara ne bayan an gama kai amfanin gona gida, lokacin da babu manomin da ke tunanin taki. Makon farko na yi abin da duk sabon shiga ke yi. Na jera buhuna na ɗauki hoto, na rubuta a ƙasa cewa kaya sun iso. Waɗanda suka danna alamar so su ne yayana, da matata, da wani abokina na kudu da bai taɓa riƙe fartanya ba. Na gane buhu ba ya tsayar da yatsan kowa. Sai na koma yin gajerun bidiyo, uku a mako, kowanne da abu ɗaya da manomi zai ƙaru da shi. Na yi na yadda ake ɗaure buhu mai leda biyu a ciki don ƙwaro ya mutu a cikin wake ba tare da an zuba magani ba. Na yi na yadda ake duba ranar lalacewar magani a jikin kwalba. Na yi na gwajin iri: ka ƙirga ƙwaya ashirin, ka jera a tsumma mai damshi, ka naɗe ka ajiye a inuwa kana ɗan yayyafa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe. In goma sha shida ko fiye sun tsira, irinka lafiya. Duk wannan ilimin na Alhaji ne, a bakinsa nake tsinta idan yana hira da abokan ciniki.

Da wata ɗaya ya cika, Alhaji bai manta ba. Ba ya mantuwa, wannan shi ne babban aibinsa a wurina.

Ya ce, "Ɗan nan, watanka ɗaya ya cika. Ina mutanen?"

Na buɗe baki na shiga zuba masa bayani rabi da Turanci, irin wanda na haddace a kudu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce bai ji ko ɗaya ba, kuma yana zaton ni ma ban ji ba. Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa ce.

Bayan kwana biyu ya dawo daga majalisarsu da sabon labari. Wani ya gaya masa a Kano sayen mabiyan shafi ake yi, ka biya yau, gobe ka tashi da dubbai. Ya ce tunda abin na sayarwa ne, me ya sa nake wahalar da shi? Na ce masa waɗannan mabiyan yawancinsu ba mutane ba ne, waɗanda ke mutane kuma suna wata ƙasa, ba su san gero ba. Na ce idan na sa bidiyo, manhajar da shafin ke kai ba ta nuna wa kowa da kowa. Tana fara gwada shi a kan mutane kaɗan. In sun tsaya sun kalla har ƙarshe, sun tura wa wasu, sai ta ƙara nuna wa wasu irinsu. In ta gwada a kan mabiyan bogi, babu wanda zai kalla, sai ta ɗauka bidiyon ne ba shi da kyau, ta daina kai shi gaba. Ka ga mun sayi abin da zai toshe mana hanya da kuɗinmu. Wannan ya shige shi, domin Alhaji ba ya son asara. Ya bar maganar, amma bai bar shakka ba.

A wata na biyu ya fito da tasa dabarar. Ya ce shi zai gano gaskiya da kansa. Ranar kasuwa ya sa aka ajiye masa kujera a bakin ƙofa, duk wanda ya sayi kaya sai ya tsayar da shi ya ce, "Malam, a ina ka ji labarin shagon nan?"

Ina tsaye a ciki ina jin amsoshin, ina jin kamar in yi kuka. Na farko ya ce, "Haba Alhaji, wa bai san ka ba?" Na biyu ya ce tun zamanin babansa suke saye a nan. Na uku, wanda na tabbata ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya ce ai sunan Alhaji ya kai ko'ina. Haka aka yi ta yi har la'asar. Mu mutanen nan ba ma duban dattijo mai shago a ido mu ce masa sai jiya muka san da zamansa. Rashin ladabi ne. Magidanci mai furfura kuma ba zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce yana kallon bidiyo a waya ba, kada a ɗauke shi marar aikin yi. Alhaji ya ji daɗin amsoshin sosai. Ya juyo ya ce da ni, "Ka ji da kunnenka. Ko mutum ɗaya babu."

A ranar ne wani dattijo ya sauka daga babur, ya shigo ya nemi a sayar masa da irin gero cikin tafi ɗaya kawai. Alhaji ya tambaye shi me zai yi da tafi ɗaya. Dattijon ya ce zai je ya gwada a tsumma tukuna, in sha shida sun tsira cikin ashirin zai dawo ya sayi na gona. Fuskar Alhaji ta canja. Shekara talatin yana sayar da iri, ba a taɓa cewa za a gwada nasa ba. Ya ba shi kyauta, irin kyautar da ake yi da fushi. Da ya yi masa tambayar tasa, dattijon ma ya ce wa bai san Alhaji ba.

Na bi shi waje, na riƙe masa babur, na gaishe shi, na tambayi garinsu. Ya ce Gafasa. Na ce, "Baba, wannan gwajin na tsumma fa, a ina aka koya maka?"

Ya waiwaya ya ga Alhaji ba ya kallonmu, sannan ya ce a wurin mai cajin waya na garinsu. Idan ka kai caji, yana zuba maka wa'azi da labarai a waya, a ciki ya ga bidiyon. Ya ce ya kalla ya fi sau biyar, har maƙwabtansa biyu sun karɓa. A ƙarshen bidiyon ya ga allon shagon. Ya ce da can a Ajingi yake sayen kayansa, bai taɓa tako ƙofar nan ba. Sai ya dubi fuskata da kyau ya ce, "Ashe kai ne mai tsumman."

Ban taɓa jin daɗin wani laƙabi kamar wannan ba. Amma na gane wani abu da ya dame ni. Kallon dattijon nan da na maƙwabtansa ba ya cikin ƙidayar da shafin ke nuna mini, domin daga waya zuwa waya bidiyon ya bi. Wato abin yana tafiya ta hanyar da ba ni da lambar da zan nuna wa Alhaji.

Washegari da hantsi, shago babu kowa, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa. Na fara da abin da ya fi mini wuya.

Na ce, "Baba, ranar da na ce maka wata ɗaya, ƙarya na yi. Na san ba zai yiwu ba. Tsoro na ji kada ka hana ni aikin."

Ya ce, "Na sani. Babanka ma in zai yi ƙarya sai ya dubi takalminsa. To faɗi gaskiyar."

Na ce gaskiyar ita ce wata shida ne mafi ƙaranci, wataƙila har damina biyu. Na ce mai shela yana kiran mutanen da suka riga suka san Alhaji, suka kuma shigo kasuwa da kuɗi a aljihu, shi ya sa ake ganin aikinsa a yini ɗaya. Shafi kuwa yana zuwa wurin wanda bai san mu ba, yana zaune a gidansa, ba ya neman komai. Sai ya gan mu sau da yawa, ya gwada abin da muka faɗa ya ga gaskiya ne, kafin ya yarda ya hau babur ya wuce shagon da ya saba ya zo namu. Ita ma manhajar sai ta ɗauki lokaci tana ganin su waye ke tsayawa a kan bidiyonmu kafin ta san wa za ta kai wa. Sannan ko mutum ya yarda da mu yau, ba zai sayi taki a tsakiyar rani ba. Wata ukun da aka ɗibar mini zai ƙare ne ruwa bai sauka ba.

Ya ce, "To in ciniki ba ya nunawa, da me zan san ba data kawai kake ƙona mini ba?"

Na buɗe wayar na nuna masa. Na ce kada ya dubi yawan mabiya ko alamar so, wannan ko 'yan gidanmu za su iya cika shi. Na nuna masa inda ake ganin tsawon kallo. Bidiyon farko mutane suna wucewa tun ban gama sallama ba, na tsumma kuwa da yawa suna kaiwa ƙarshe. Na nuna masa sau nawa aka tura shi ga wasu, domin mutum ba ya tura wa ɗan'uwansa abin da bai amfane shi ba. Na nuna masa garuruwan masu kallo. Da farko abokaina na kudu ne suka fi yawa, yanzu kuwa yawanci daga jiharmu ne, kuma masu aiko saƙo suna faɗar ƙauyukansu da bakinsu, Kademi, Gafasa, cikin Ajingi. Sai na kunna masa saƙonnin murya, domin manomanmu ba sa rubutu, magana suke aikowa. Na wata na farko duk gaisuwa ce da fatan alheri. Na yanzu kuwa tambaya ce: wane irin wake ne ke nuna da wuri, ko buhun nan mai leda ana iya sake amfani da shi baɗi, yaushe takinku zai sauka. Akwai muryoyin da suka dawo sau uku, sau huɗu. Na ce wanda ya tashi daga gaisuwa ya koma tambayar yaushe kaya za su sauka, ya kusa zuwa. Daga nan na ba shi labarin dattijon Gafasa.

Alhaji ya saurara fiye da yadda na zata. Har ya sa na maimaita masa wani saƙon. Na fara murna a raina. Sai ya cire tabarau ya ce, "Na ji, kuma da hankali a maganarka. Amma tambaya ba ciniki ba ce. Ni magana ɗaya na yi, wata uku."

Na ci gaba da aiki sauran makonnin kamar ba a yi maganar ba. Masu neman tafi ɗaya na iri sun ƙaru, har Alhaji ya daina fushi ya ware musu kwano. Amma tafi ɗaya ba ya cika aljihun mai shago. Ranar da wata uku ya cika, zafin bazara ya kai inda ya kai, ya miƙo hannu, na sa masa wayar. Ya yi mini addu'a, ya ce in gaida gida. Ban roƙe shi ba. Na ji haushinsa, na kuma ji haushin kaina ninki biyu, domin ni na fara sa masa ma'aunin da bai dace ba.

Na gaya wa matata a tsakar gida tana tankaɗe. Cikinta wata bakwai. Ta ce, "Yaushe motar?" Na ce farkon mako. Ta ci gaba da tankaɗenta, ni kuma na fita don kada in ga fuskarta. Na je tasha na kama wuri, na kira mai babur ɗin da nake yi wa acaɓa a kudu, ya ce in zo.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, aka yi sallama a ƙofar gida. Na fito na ga Alhaji a tsaye, shi da ban taɓa gani a unguwarmu ba tun rasuwar babana. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Muryarsa ta dushe kamar mai mura. Ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye tsakaninmu.

Ya ce, "Wannan abin naka ba ya barin mutum ya huta."

Ashe da ya karɓe ta bai kashe ba, a aljihu ya jefa. Tana ta ƙara, sai ya danna ɗaya don ya ji. Mutumin ya fara da sallama. Alhaji ya amsa a fili, shi kaɗai a shago, sannan ya tuna mutumin ba ya jin sa. Ya danna na biyu, shi ma sallama. Ya ce duk wanda ya buɗe, da sallama yake farawa, kuma shi bai san yadda musulmi zai yi masa sallama ya ajiye ta a aljihu ba. Sai ya lalubo inda na taɓa nuna masa ana dannawa a yi magana, ya shiga amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Wani yana shirin sa wa waken ci maganin da ake sa wa iri, Alhaji ya yi masa faɗa na minti uku. Matsalar ita ce duk wanda ya amsa wa sai ya dawo da wata tambayar, wasu kuma su gaya wa 'yan'uwansu cewa Alhajin da kansa ne ke magana yanzu.

Ya ce, "Ciniki dai har yau ban gani ba, kada ka ɗauka na sauka daga maganata. Amma waɗannan mutane ne, na ji muryoyinsu, na san ƙauyukansu. Ba zan rufe musu ƙofa suna tsaye ba, ni kuma maƙogwarona ba zai iya ba. Ka riƙe zuwa kaka. In an kai amfani gida mu sake zama."

Na ce, "Baba, ko a kakar ma ba lallai ka ga duka ba."

Ya ce, "Yanzu ka fara magana irin ta mutane." Ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce akwai wajen ashirin da bai buɗe ba, kada in bar su su wuce azahar.

Cinikin ya zo daga baya, kaɗan a daminar farko, ya fi yawa a ta biyu, kuma har yau Alhaji yana cewa sunansa ne ya kawo su. Amma a safiyar nan ban san da wannan ba. Na leƙa cikin gida, matata tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da jakata a gabanta, tana ninke mini kaya. Na ce ta mayar da su cikin akwati. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannuna, ta ɗora tafinta a kan jakar, sannan ta fara fito da kayan.

Na koma zaure na buɗe saƙon farko. Wani ne daga Kademi, ya yi sallama, yana tambaya ko zai iya shuka gyaɗar da ta shekara biyu a rumbu. Na danna na amsa masa sallamarsa, amma ɗaukar ba ta fito yadda nake so ba. Na goge, na ɗan zauna, sannan na sake ɗauka.